Gwajin AMH: yawan ƙwai yake nunawa, ba ya yanke hukuncin haihuwa

Wata ƙanwa tamu mai shekara 29 ta shigo mini asibiti riƙe da takardar gwaji, idonta ya yi ja. An rubuta AMH 0.8 ng/mL, wani kuma ya ce mata ƙwanta ya ƙare. Watanta takwas kacal da aure, al'adarta na zuwa kowane wata, amma har ta fara jiyo guɗar kishiya.

Na ce mata, "Zauna tukuna, ƙanwata."

Mace da ƙwanta ake haifarta, jiki ba ya ƙera sabo. Tana wata biyar a cikin uwa tana da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kuwa wajen 300,000 zuwa 400,000. Waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali, ko da aure ko babu, ko da ciki ko ana tsarin iyali. Bayan shekara 35 raguwar na ƙara sauri, kuma sa'ad da al'ada za ta ɗauke saura kamar 1,000.

AMH sinadari ne da ƙananan jakunkunan ƙwai ke zubawa a jini, shi ya sa yake nuna kimanin abin da ya rage a rumbu. Babban amfaninsa ga mai shirin dashen ciki ne. Da shi likita ke hasashen ƙwai nawa za a samu in an yi allurai, ya kuma daidaita yawan maganin.

Amma ciki na gida ƙwai ɗaya yake bukata a wata, kuma rumbu mai rabi ma yana fitar da ɗayan. A 2017 an wallafa wani bincike a Amurka kan mata 750 masu shekara 30 zuwa 44 da ba su da tarihin matsalar haihuwa. Masu ƙarancin AMH sun ɗauki ciki kusan daidai da sauran. Gwajin ba ya auna ingancin ƙwai, wannan shekaru ne ke tafiyar da shi. 'Yar shekara 42 mai lamba mai kyau ta fi ƙanwar nan bukatar gaggawa. Lambar da ta yi sama sosai ma wani lokaci alamar PCOS ce, inda ƙwan ke da yawa amma ba ya fita kan kari. Ƙwayoyin tsarin iyali kuma kan sauke lambar na ɗan lokaci.

Ban ce mata ta yi watsi da takardar ba, domin 0.8 ya yi ƙasa ga shekarunta. Na ce in wata huɗu suka ƙara wucewa shiru, ta dawo da maigida, a gwada maniyyinsa, ita kuma a duba bututun mahaifarta. Da ta haura 35, da wata shida kawai za mu jira.