Ma'anar "lokawut": ba kamfani ne ya kulle maka boila ba

Da zarar sanyi ya kama a Ingila, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai kalmar da ba ta barin bakin mutanenmu mazauna can. A ƙofar masallaci bayan Juma'a za ka ji ta, a wurin suna za ka ji ta: "Boilarmu ta yi lokawut." Boila ita ce injin gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka a gida. Sababbin zuwa, ɗalibai da masu aikin jinya, su suka fi faɗin kalmar, kuma da yawansu suna faɗinta ne da muryar wanda aka zalunta. Na ji wanda ya ce kamfanin gas ne ya kulle masa boila daga ofis saboda bai biya kuɗin wata ba. Na ji wata ta ce "fireshan gas" ne ya yi ƙasa a unguwarsu baki ɗaya. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na biyun ya fi ba ni haushi.

Ban ga laifin mai maganar farko sosai ba. A Turanci, an daɗe ana amfani da kalmar a rikicin ma'aikata: idan mai masana'anta ya rufe ƙofa ya hana ma'aikata shiga har sai sun yarda da sharaɗinsa, shi ne lokawut. Wato akwai ƙamshin hukunci a jikin kalmar. Sannan mu da muka taso muna ganin masu wuta sun kafa tsani sun yanke waya saboda bashi, dole zuciya ta tafi can. Amma a boila babu wani da ya kulle ka. Ita ce ta kulle kanta. Na'urorin da ke cikinta sun ga abin da bai yi musu ba, ko ruwa ya yi kaɗan, ko wuta ta ƙi kamawa, ko zafi ya wuce kima, sai ta rufe gas ta tsaya cik, ta rubuta lamba a allonta, ta ƙi tashi har sai mutum ya zo ya duba. Ni a ganina wannan ita ce ɗabi'a mafi kyau da injin yake da ita, kuma kalmar ce ta ɓata mata suna.

Lambar da ke allon ita ce bayanin, kuma kowane kamfani da nasa harshen. A boilar Vaillant, `F22` na nufin ruwa ya yi ƙasa, `F28` kuma wuta ta ƙi kamawa. A ta Ideal, ƙarancin ruwa `F1` ne, a ta Baxi kuma `E119`. Ma'anar kowace lamba tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da boilar, wanda yawanci yake kwance a dirowar kicin ba wanda ya taɓa buɗe shi.

To, mu zo kan "firesha", inda ruɗanin yake. Agogon nan mai allura da ke gaban boila, mai shiyyar kore da shiyyar ja, ba gas yake aunawa ba, ba kuma ƙarfin ruwan famfon wanka ba. Matsin ruwan da aka kulle a cikin bututun ɗumama ɗaki yake nunawa. Ruwa ɗaya ne tak, an zuba shi an rufe, yana zagayawa daga boila zuwa radiyetoci, wato ƙarafan jikin bango masu ɗumama ɗaki, ya dawo, shekara da shekaru. Ba shi kake sha ba, ba shi kake wanka da shi ba. Ma'aunin sunansa `bar`, kuma wanda ya san tankin ruwa na saman gida a Kano ko Zariya ya riga ya san shi: bar ɗaya daidai yake da matsin da za ka samu a ƙasan tankin da aka ɗaga sama kamar mita 10. Idan boila ta huce, ana son allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan ta yi zafi ta ɗan hau zuwa wajen 2, ba komai. Idan ta faɗi zuwa wajen 0.5, yawancin boiloli za su tsaya, domin hura wuta a ƙarƙashin tukunyar da ba ruwa ƙona tukunya ne.

Ƙara ruwan abu ne da mai gida zai iya yi da kansa. A ƙarƙashin boilar akwai wani ɗan gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe, launin azurfa, da makunni a kowane bakinsa. Wasu boilolin a ciki nasu yake, da ɗan hannu ko makulli na roba, littafin zai nuna. Ka kashe boilar ka bar ta ta huce. Ka tabbata tiyon a ɗaure yake tam. Ka buɗe makunni na farko, sannan ka buɗe na biyu a hankali har ka ji ƙarar shigar ruwa, idonka a kan allura. Tana kaiwa 1.2 ko ɗan sama da haka, ka rufe duka biyun. Sai ka kunna, ka danna `RESET` sau ɗaya. Idan hannu ya zarce ta wuce 2 alhali a sanyaye take, ka ɗauki ɗan makullin radiyeta ka saki ruwa kaɗan a kofi har ta sauko.

Tambayar da mutane ba sa yi ita ce: ruwan da aka kulle, ina ya tafi? Idan ka fitar da iska daga radiyetoci jiya, to amsar ke nan, allura takan sauka bayan haka. Idan sau ɗaya ko biyu a shekara kake ƙarawa, ba abin damuwa ba ne. Amma idan kowane mako ne, ruwan yana da ƙofar fita.

Wani ƙanena da ke aikin jinya a Bradford ya kira ni a hunturun da ya wuce. "Yaya, boilar nan shan ruwa take yi kamar raƙumi." Duk kwana uku sai ya ƙara, har ya ƙware, yana yi kafin ya fita aiki kamar mai ba tumaki dusa. Ya duba ƙarƙashin kowace radiyeta, ya shafa mahaɗar bututu da tishu, babu ɗigo, babu tsatsa, silin bai jiƙe ba. Na ce ya ƙara ruwa zuwa 1.2 da safe, ya kunna ɗumama, ya ja kujera ya zauna gaban agogon. Cikin minti 20 ya sake kira: allura ta wuce 2.5 tana neman 3. Na ce ya sa rigar sanyi ya zagaya bayan gida, daidai bangon da boilar take jingine, ya nemi wani siririn bututun tagulla da bakinsa ya lanƙwasa ya kalli bango. Ya same shi yana ɗiga, ga koren tabo a jikin bulo.

Abin da ke faruwa shi ne, ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kusan kashi 3 cikin 100 idan ya tashi daga sanyi zuwa digiri 80. Kaɗan ne a ido, amma ruwa ba ya matsuwa, kuma bututun a rufe yake. Don haka a cikin boila aka sa wata 'yar tukunyar ƙarfe da aka raba biyu da fatar roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska, da bawul irin na tayar mota. Ruwa na kumbura sai ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Da shekaru iskar kan zurare, ko robar ta fashe. Daga nan ruwan ba shi da wurin zuwa, allura ta harba sama, tana kaiwa bar 3 bawul ɗin kariya ya buɗe ya zubar da rarar a waje ta wancan bututun tagulla. Dare ya yi, boila ta huce, ruwan da ya rage ya tsuke, da asuba allura tana 0.4, lokawut. Wato duk ruwan da ƙanena yake ƙarawa da safe, boilar tana zubar da shi a bayan gida kafin azahar. Kuma ba asarar ruwa kaɗai ba ce: akwai maganin hana tsatsa da ake zubawa cikin ruwan zagayen, kowane ƙari yana tsarma shi, yana kuma shigo da sabuwar iska mai cin ƙarfe daga ciki. Gyaran na injiniya ne, domin sai an buɗe murfi. Wanda mai gidan hayar ya turo ya sake hura tukunyar, ya canza bawul ɗin kariya, tunda idan ya saba buɗewa datti kan maƙale a bakinsa ya ƙi rufuwa sosai.

Idan kuwa allura tana kan kore amma boila ta ƙi tashi, ba maganar ruwa ba ce. Ka kunna murhun gas na kicin: in shi ma babu, duba mita, musamman irin wadda ake sa wa kuɗi tukuna, don kuɗin na iya ƙarewa da tsakar dare. A nan kaɗai ne mai zancen bashi yake da ɗan gaskiya, kuma ko a nan mita ce ta rufe gas, boila ta ga babu ta tsaya. Idan daren an yi ƙanƙara kuma kana jin boilar tana ƙugi kamar mai kurkurar baki, to ka zargi farin bututun roba da ke fitar da ruwan raɓa zuwa magudana a waje. Tun daga 2005 kusan duk sabuwar boilar gas a Ingila irin mai fitar da wannan ruwan ce, kuma a tsananin sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 gidaje da yawa sun kwana ba ɗumi saboda wannan bututun kawai ya daskare. Ruwan ɗumi ake zuba masa daga waje, ba tafasasshe ba, kada robar ta tsage, kuma in dai ƙafarka tana ƙasa ne, ba a kan tsani ba.

Maɓallin `RESET` kuma, shi mutanenmu suka mayar kamar kiran sallah, sau biyar a rana. Sau ɗaya, ko biyu bayan ka gyara abin da ka gani, ya isa. Idan wuta ce take ƙin kamawa, kowace dannawa umarni ne ga boila ta sake sakin gas ta gwada, kana tilasta mata abin da ta riga ta ce ba ta amince da shi ba. Murfin boila kuwa ba a buɗe shi. A Birtaniya, tun 2009, wanda sunansa ke cikin Gas Safe, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas, shi ne kawai doka ta yarda ya yi aikin gas, kuma yana da kati mai hoto da za ka iya cewa ya nuna maka. In haya kake, gyaran boila da binciken gas na kowace shekara nauyin mai gida ne, ba naka ba.

Warin gas shi ne wurin da duk wannan duba-duban ba ya aiki. Kada ka taɓa makunnin lantarki, kada ka kunna ashana. Ka buɗe tagogi, ka rufe gas daga hannun da ke jikin mita in kana iya kaiwa, ka fita da iyalinka, ka kira 0800 111 999 daga waje. Haka ma in ka ga baƙin hayaƙi ya yi tabo a jikin boila, ko ƙararrawar kabon monoksaid, wato iskar guba marar wari, ta yi kuka, ko mutanen gida suna ciwon kai da jiri da ke sauƙi idan sun fita waje: a kashe ta, a fita, a kira lambar nan, masu ciwon kuma su ga likita a ranar.