Madatsar Awon Ruwa a Magudanar Ban Ruwa

Madatsar awo faranti ne, galibi na ƙarfe, da ake gitta wa buɗaɗɗiyar magudana domin ruwa ya taru a bayansa, sannan ya zuba ta wata tsaga mai sananniyar siffa. Muddin zubar ba ta da cikas, yawan ruwan da ke wucewa ya dogara ne ga abu ɗaya, wato tsayin ruwan baya a kan gindin tsagar. Shi ya sa mai rabon ruwa ba ya buƙatar auna saurin gudu ko faɗin magudana. Zurfi kawai zai karanta a sandar awo, ya duba jadawali, ya san lita nawa ke wucewa a daƙiƙa.

Tarihi

Tushen lissafin ana danganta shi da Giovanni Poleni, masanin ƙasar Italiya, a wajen 1717. Amma wanda ya mayar da shi abin aiki shi ne James B. Francis, injiniyan magudanan garin Lowell a jihar Massachusetts ta Amurka. Masaƙun garin da ƙarfin ruwan kogin Merrimack suke juyawa, kuma kowace tana da kason da ta biya, don haka dole a san abin da take ja. Francis ya yi gwaje-gwaje a kan tsaga mai kusurwa huɗu, ya wallafa sakamakonsu a 1855, kuma har yau ana aiki da dabarar da ke ɗauke da sunansa. Ya lura cewa ruwa na matsewa a gefuna biyu na tsagar, sai ya rage kashi ɗaya cikin goma na tsayin ruwan daga faɗinta saboda kowane gefe.

James Thomson, farfesa a Belfast kuma yayan masanin kimiyya Lord Kelvin, ya gabatar da tsaga mai siffar V a 1858. Hujjarsa ita ce, ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu, siffar abin da ke zuba ba ta sauyawa, girmanta ne kawai ke sauyawa, kuma ƙaramin ruwa ma yana ba da tsayin da za a iya karantawa. A wajen 1886 kuma Cesare Cipolletti, wanda ya yi aiki a magudanar Villoresi kusa da Milan, ya karkatar da gefunan tsaga mai kusurwa huɗu zuwa waje, ɗaya a kwance cikin huɗu a tsaye, don karkatar ta rama abin da matsewar gefe ke ragewa.

Wasu injiniyoyi biyu, Kindsvater da Carter, sun sake tace lissafin a 1957.

Lissafi

Ga tsagar V mai digiri 90, wadda ta fi dacewa da ƙananan magudanai:

```
Q = 1.38 × H^2.5
```

A nan Q mita kubik ne a daƙiƙa, H kuma tsayin ruwa ne da mita daga ƙasan V. Littattafai sun ɗan saɓa a kan 1.38, wasu na sa 1.4. Dabarar Francis ita ce `Q = 1.84 × (L − 0.2H) × H^1.5`, ta Cipolletti kuma `Q = 1.86 × L × H^1.5`, inda L ke nufin faɗin gindin tsaga da mita, H kuma daga gindin ake auna shi.

Kafawa

Ana zaɓar wurin da magudana ta miƙe, a kafa farantin a tsaye cak, yana gicciye da gudun ruwa, a toshe ƙasansa da gefunansa kada ya yi yoyo. Kaurin leɓen tsagar milimita 1 zuwa 2 ne, a fiƙe shi ta ɓangaren da ruwa ke faɗawa, domin ruwan ya taɓa layi ɗaya kawai ya yi tsalle. Daga ƙasan magudana zuwa gindin tsaga a bar aƙalla ninki biyu na tsayin ruwa mafi yawa da ake sa rai, haka ma daga tsagar zuwa kowane bango. Wannan fili ne ke sa ruwan baya ya kwanta kamar tafki. Ruwan gaba kuwa ya kasance ƙasa da gindin tsaga da aƙalla santimita 6, yadda iska za ta riƙa shiga ƙarƙashin harshen ruwan da ke zuba.

Sandar awo ba a jikin faranti ake kafa ta ba. Saman ruwa yana fara sunkuyawa tun kafin ya iso tsaga, don haka ana ja da sandar baya da ninki huɗu na tsayi mafi yawa. Sifirinta kuma dole ya zo daidai da ƙasan V, ba ƙasan magudana ba. Hanya mai sauƙi ta daidaita shi ita ce da siririn tiyo garai-garai cike da ruwa, baki ɗaya a tsaga, ɗaya a sanda. Wasu na jira ruwa ya daina zuba su ɗauki wannan matsayin a matsayin sifiri, amma ruwa na maƙalewa a leɓe ya tsaya milimita kaɗan sama da gindin, sai sifirin ya kauce.

Misali

A ce sanda ta nuna santimita 20. H ya zama 0.20, ƙarfinsa na 2.5 ya ba da 0.0179, a ninka da 1.38, a samu 0.0247, wato lita 24.7 a daƙiƙa, ko kusan mita kubik 89 a awa. Hekta ɗaya da ake son ba ta ruwa mai zurfin santimita 5 tana buƙatar mita kubik 500, don haka sai a bar ruwa ya yi ta shiga na awa 5 da kusan minti 37, ban da abin da ke nutsewa a hanya.

Yanzu a ce an kafa sandar ƙasa da inda ya kamata da santimita ɗaya tak. Za ta nuna 21, jadawali ya ce lita 27.9, alhali 24.7 ne ke wucewa. Mai rabo zai rufe bayan awa 5, gona ta samu mita kubik 445 maimakon 500. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a karatu ya zama kashi 13 a ruwa, saboda H ana ɗaga shi zuwa ƙarfi na 2.5 ne. Abin ya fi muni in ruwa ya yi ƙasa, domin santimita ɗayan nan a kan 10 ta haura kashi 25. Shi ya sa ba a amincewa da karatun da bai kai santimita 6 ba, ga shi kuma a nan ruwa kan bi jikin faranti maimakon ya yi tsalle.

Kurakurai da alamominsu

Kowace matsala tana da gefen da take karkatar da awo. In laka ta cike tafkin baya, ruwa na isowa da gudu, sai ya wuce fiye da abin da jadawali ya faɗa. Alamarta ita ce saman ruwa yana motsi har bakin faranti, kuma sanda da aka soka tana taɓa ƙasa da wuri. Haka abin yake in leɓe ya dakushe da tsatsa, ko harshen ruwa ya manne wa faranti don rashin iska. Ana gane wannan na ƙarshen da sa hannu a bayan harshen, in babu sarari, awon ya ɓaci. Yoyo ta ƙasa ma ruwa ne da ya wuce ba a lissafa shi ba.

Ciyawa da ta maƙale a tsaga kuwa tana ɗaga ruwan baya, sai jadawali ya faɗi fiye da gaskiya. Haka nan in ruwan gaba ya taso ya nutsar da gindin tsaga, wanda ke faruwa in an rufe wata ƙofa a gaba ko magudana ta cunkushe. Faɗuwar ruwa takan yi shiru, kuma karatun sanda ɗaya ba ya isa.

Iyaka

Madatsar awo tana cin tsayi, don haka ba ta dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba, inda ɗaga ruwa zai sa ya malala ta gaɓa. A can, da kuma inda ruwa ke ɗauke da laka mai yawa, an fi amfani da maƙogwaron awo irin na Parshall, wato sashen magudana da aka matse, wanda laka ke wucewa ta cikinsa.