Girman rubutu da fitowarsa a waya: tambayoyi da amsoshi ga masu raunin gani

Malam, mahaifina ya haura shekara sittin, kuma yanzu sai an karanta masa saƙon da ya shigo wayarsa ta Android. Ta ina zan fara gyara masa ita?

A fara da gano abin da ke damun idon, domin ƙanƙantar rubutu daban, dusashewarsa daban. A buɗe saƙo guda, a miƙa masa wayar cikin ɗaki mai haske, a lura da abin da zai yi. Idan ya nisanta ta da fuskarsa kafin haruffan su fito masa, galibi raunin ganin kusa ne wanda yake zuwa wa yawancin mutane bayan shekara 40, kuma ƙara girman rubutu tare da tabarau na karatu yakan wadatar. Idan kuwa ya ce haruffan sun yi hazo, ko farin allon yana kashe masa ido, to abin da ya fi buƙata shi ne a ƙara bambanci tsakanin launin rubutu da launin da ke bayansa, kamar yadda ake yawan gani ga masu yanar ido.

Bayan haka a shiga Settings, sannan Accessibility. A wayoyin da ke ɗauke da Android 13 zuwa sama akwai shafi mai suna Display size and text, a Samsung kuma ana samun waɗannan abubuwa a ƙarƙashin Vision enhancements. Tecno, Infinix da Itel sukan sauya wurin da suka ajiye su, saboda haka ya fi sauƙi a rubuta Font size a akwatin bincike na Settings. A matsar da ma'aunin mataki guda, a mayar masa da wayar ya karanta saƙon nan na farko da babbar murya, a ci gaba da haka har ya karanta ba tare da ya tsuke ido ba. Shi ne zai ce ya isa, domin mai lafiyar ido yakan tsaya da wuri, yana ganin rubutun ya riga ya yi girma.

Na ga Font size na kuma ga Display size. Ba abu ɗaya ba ne?

Na farko haruffa kawai yake girmamawa, ya bar maɓallai da hotuna da gumakan manhajoji yadda suke. Na biyu yana girmama komai da ke kan allon gaba ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin abubuwa, don haka abin da allon zai iya ɗauka a lokaci guda yana raguwa sosai. Wannan ne dalilin da ya sa na fi son a gama da Font size tukuna, sannan a ƙara Display size mataki ɗaya tak idan har yanzu dattijon yana kuskuren taɓa maɓalli.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. A tsarin Android na asali kafin Android 14, rubutu ba ya wuce kashi 130 cikin ɗari na girmansa, wato harafin da yake a ma'auni 14 zai koma kusan 18, wanda sau da yawa ba ya isar mai raunin gani sosai. Android 14, wanda ya fito a 2023, ya ɗaga iyakar zuwa kashi 200, kuma ya tsara ta yadda ƙananan rubutu suke girma fiye da manyan kanun da tun asali suke da girma. WhatsApp yana da nasa ma'aunin a Settings, Chats, Font size, inda za a zaɓi Large. Gumakan fuskar waya kuwa sukan girma idan aka rage yawan jerinsu daga biyar zuwa huɗu a saitin fuskar, wanda ake samu idan aka danna wurin da babu komai aka riƙe. A Samsung, Easy mode yana yin wannan aiki a taɓawa ɗaya.

Rubutun ya yi girma, amma Baba ya ce har yanzu yana ganinsa dishi-dishi. Me ya rage?

Nan ne batun bambancin launi ya shigo, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Masu tsara shafuka suna auna shi da lissafi: baƙin rubutu a kan fari yana ba da 21 bisa 1, wanda shi ne ƙololuwa, ƙa'idar WCAG kuma, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su yi sauƙin amfani ga masu nakasa, ta nemi rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5 bisa 1, a matakinta mafi tsauri kuwa 7 bisa 1. Manhajoji da yawa suna rubuta lokacin saƙo da ƙananan bayanai da launin toka mai haske don ado, kuma idon da yana ta rufe ba ya raba irin wannan toka da farin da ke bayanta, ko da an ninka girman harafin.

A kunna Bold text da farko, wanda yake kaurara jikin haruffa, sannan High contrast text, wanda yake mayar da rubutu baƙi ƙirin ko fari fat tare da zagaye shi da kishiyar launinsa. Samsung yana kiran nasa High contrast fonts, yana kuma da High contrast keyboard ga wanda ba ya ganin haruffan da yake dannawa. Idan farin allo ne yake damunsa, a gwada Dark theme, amma a bar shi ya yi kwana biyu da shi kafin a yanke hukunci, domin akwai masu ganin farin rubutu a kan baƙi yana bajewa, su kuma farin allo da aka ɗan rage haskensa ya fi musu. Ba na ba da shawarar Color inversion don amfanin kullum, saboda yana juya launin hotuna ma, har fuskar jika ta koma abin da kakanta ba zai gane ba.

Tun da na ƙara girman, manhajar banki ta daina nuna maɓallin tura kuɗi. Na lalata wani abu ne?

Ba abin da ya lalace. Wasu manhajoji ba a gina su da tunanin rubutu zai kai wannan girma ba, sai maɓallin ƙasa ya faɗa wajen allo, ko lambar asusu ta yanke a tsakiya, ko kalmomi su hau kan juna. Yankewar lamba ta fi haɗari, tunda mutum zai iya amincewa da tura kuɗi bai ga cikakken adadin ba. A fara mayar da Display size yadda yake a da, domin shi ya fi cin wuri, idan maɓallin bai dawo ba a rage Font size mataki ɗaya.

Giɓin da ya rage sai a cike shi da Magnification, wanda shi ma yana cikin Accessibility kuma yana kusanto da kowane sashe na allo har ninki takwas, a matsa shi da yatsu biyu. Yana kuma taimakawa da rubutun da ke cikin hoto, kamar katin ɗaurin aure ko rasidin da aka ɗauka da kyamara, waɗanda Font size da High contrast text ba sa taɓawa. Ya fi kyau a zaɓi ƙaramin maɓallin da ke tsayawa a gefen allo don kunna shi maimakon taɓa allo sau uku, saboda hanyar taɓawa uku tana sa wayar ta riƙa jinkiri a kowace dannawa, tsofaffi kuma sukan kunna ta bisa kuskure su rasa yadda za su fita.

Akwai wanda manyan haruffa ba za su taimaka masa ba?

Akwai. Wanda hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefe ya bar masa tsakiya kawai yana iya ganin ƙaramin harafi sarai, kuma idan aka girmama rubutun sai kalma guda ta fi ƙarfin ɗan filin da ya rage masa. Irin wannan ya fi amfana da matsakaicin girma da bambancin launi mai ƙarfi, ko kuma Select to Speak da ke karanta masa abin da ya taɓa. Haka nan idan aka ga girman da ya ishi Baba wata uku da suka wuce yanzu bai ishe shi ba, musamman in yana da ciwon suga, to a daina ƙara ma'auni a kai shi asibitin ido, ko na kusa ko irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, domin yanar ido ana cire ta da aiki, amma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa.