Ba Girman Canji Ne Ke Jawo Sikila Ba

An daɗe ana cewa canjin ƙwayar halitta ƙarami ba ya illa, sai babba. Ba haka ba ne. Jiki yana karanta haruffan DNA uku-uku, kowane uku suna nuna tubali ɗaya na furotin. A sikila, harafi ɗaya tak ya sauya, GAG ya koma GTG, sai tubali na 6 a sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya zama balin maimakon gulutamet. Balin ba ya shiri da ruwa. Idan iskar oksijin ta ragu, himogulobin ɗin yakan manne da juna, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Amma idan GAG ya koma GAA, babu abin da zai faru, tubalin bai canza ba.

Ɓacewar harafi ta fi muni, domin duk karatun da ke bayansa yana gocewa. Gwada da kanka: rubuta DAN UWA INA, cire A na farko, sake rabawa uku-uku, za ka samu DNU WAI NA. Furotin irin wannan yawanci ba ya aiki.

Nau'in AA, AS ko SS kuwa, gwajin jini ne ke nuna shi, ba kamannin mutum ba. Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin aure.