Adana sakan 30 da suka wuce a wasan bidiyo

Adana sakan 30 da suka wuce wata dabara ce da ke cikin na'urorin wasan bidiyo da kwamfutoci, wadda take ba mai wasa damar samun gajeren bidiyo na abin da ya riga ya faru a kan fuskar na'urarsa, alhali bai danna maɓallin ɗauka ba kafin faruwar abin. Sai ƙwallo ta shiga raga, ko wasa ya yi wani kuskure mai ban mamaki, sannan mutum ya danna, na'urar kuma ta ba shi rabin mintin da ya gabata. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Nvidia da AMD, masu ƙera katin hoto na kwamfuta, suna cewa Instant Replay, manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio tana cewa Replay Buffer.

Yadda take aiki

Na'ura ba ta komawa baya. Gaskiyar lamarin ita ce tun da aka fara wasa take ɗauka, tana kuma zubarwa. Akwai wata ma'ajiya ta wucin gadi mai iyakantaccen girma, wadda ake zuba sabon bidiyo a cikinta a kai a kai. Idan ta cika, sabon da ya shigo sai ya hau kan mafi tsufa ya shafe shi. Kamar allo ne da ake wanke layin sama duk sanda aka ƙara layi a ƙasa. Aikin maɓallin kawai shi ne ya kwashe abin da ke cikin ma'ajiyar a wannan lokacin ya mai da shi fayil, galibi MP4, kafin a shafe shi.

Abin da ake ajiyewa bidiyo ne da aka riga aka matse, domin ɗanyensa ba ya ajiyuwa. Hoto ɗaya mai girman 1920×1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kuma idan kowane ɗigo ya ci bait 3, hoton ya kai kusan megabait 6.2. Wasan da ke nuna hotuna 60 a sakan ɗaya zai fitar da megabait 373 a kowane sakan, wato sama da gigabait 11 a rabin minti. Idan kuwa aka matse shi da tsarin matse bidiyo na H.264 a kan megabit 16 a sakan, wato megabait 2, rabin mintin nan bai wuce megabait 60 ba. Matsewar tana da nauyi, shi ya sa dabarar ba ta yaɗu ba sai da aka sanya wa katin hoto wani sashe na musamman da ba shi da aiki sai matse bidiyo, irin su NVENC na Nvidia da Quick Sync na Intel. Da wannan sashe ne ake iya ɗauka awa da awanni ba tare da wasan ya yi nauyi sosai ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa bidiyon ba ya cika zama sakan 30 cif. A matsattsen bidiyo, ba kowane hoto ne cikakke ba. Akan ajiye cikakken hoto jifa-jifa, misali bayan kowane sakan 2, sauran da ke biye kuma bambancin da ke tsakaninsu da na kusa da su kaɗai suke ɗauke da shi. Fayil ba zai buɗe daidai ba sai ya fara daga cikakken hoto, don haka manhaja takan yanka daga nan, tsawon bidiyon ya ƙaru ko ya ragu da sakan ɗaya ko biyu.

Tarihi da na'urori

A shekarar 2013 dabarar ta shigo hannun jama'a ta ƙofa uku. Nvidia ya fitar da manhajar ShadowPlay, inda ake danna `Alt+F10`. PlayStation 4 ta zo da maɓallin SHARE, tana riƙe da minti 15 na ƙarshe. Xbox One kuwa rabin minti ta zaɓa: mai na'urar Kinect, kyamarar da ke jin murya, yakan ce "Xbox, record that" da baki, a adana masa sakan 30. Microsoft ya kawo wannan ma'auni cikin Windows 10, inda `Win+Alt+G` ke yin aikin. Nintendo Switch ta samu nata a watan Oktoba na 2017 da sabuntawa ta 4.0.0: a danne maɓallin ɗaukar hoto na ɗan lokaci, a samu har sakan 30, amma a wasannin da suka yarda da hakan kaɗai.

Rabin minti zaɓi ne na tsaka-tsaki. Ya isa ya ƙunshi abin da ya faru da abin da ya kai ga faruwarsa, fayil ɗin kuma bai yi girman da zai gagari aikawa ba. Yawancin na'urorin yanzu suna bari a ƙara tsawon, kuma sau da yawa ƙarawar ta fi.

Misali

A ɗauka mai wasan ƙwallo ya fara kai hari a sakan na 100, ya ci a sakan na 112. Idan ya danna a sakan na 120, bidiyonsa zai fara daga 90, ya samu harin gaba ɗaya har da abin da ya gabace shi. Idan ya tsaya murna da kallon maimaicin da wasan ke nunawa har sakan na 135, bidiyon zai fara daga 105, farkon harin ya tafi ke nan. Wanda ya kai sakan na 145 ba zai ga ƙwallon ba ma, sai murnar. Lissafin mai sauƙi ne: tsawon abin da ake so a haɗa da jinkirin danna maɓalli kada su wuce tsawon ma'ajiyar. Mai yawan jinkiri gara ya mai da tasa minti 1 ko 2, ya yanke rarar daga baya.

Inda ake samun matsala

Matsalar da ta fi yawa ita ce a danna a ga babu komai, saboda ba a kunna ɗaukar tun farko ba. A Windows 11 sai an shiga Settings, Gaming, Captures an kunna Record what happened, fayilolin kuma suna sauka a `Videos\Captures`. A OBS Studio matakai uku ne: a yi wa Enable Replay Buffer alama a ƙarƙashin Output a cikin Settings, a sanya wa Save Replay maɓalli a Hotkeys, sannan a danna Start Replay Buffer. Na ƙarshen nan aka fi mantawa da shi. Idan an kunna sakan 10 kacal kafin a danna, sakan 10 ɗin za a samu.

Bidiyon da ya fito baƙi ƙirin amma da sauti, sau da yawa alama ce ta fim ko shafin da aka kare daga kwafa, ko kuma manhajar tana kallon wata taga daban. A na'urorin wasa ma, masu ƙera wasa suna iya toshe ɗauka a wasu wurare, musamman ƙarshen labari. Idan kuwa bidiyon yana tsalle-tsalle alhali wasan ya tafi sumul, galibi sashen matsewa ne ya gaza. Rage hotuna daga 60 zuwa 30 a sakan kan gyara shi.

Wurin da ma'ajiyar take ma yana da tasiri. OBS Studio a RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, yake riƙe ta, don haka idan wuta ta ɗauke ko manhajar ta rufe, komai ya tafi. Manhajar Nvidia kuwa a faifai take rubuta fayiloli na wucin gadi, kuma a kan megabit 16 rubutun ya kai gigabait 7.2 a kowace awa, ko da ba a adana bidiyo ko ɗaya ba. A kwamfutar tafi-da-gidanka, ɗaukar tana shan batiri, shi ya sa Windows ke da zaɓin dakatar da ita idan ba a jone da wuta ba.

Sai batun sirri. Idan makirufo a kunne yake, hirar mutanen ɗaki da muryoyin abokan wasa na iya shiga bidiyon, kuma idan duk fuskar kwamfutar ake ɗauka, saƙon da ya faɗo a cikin wannan rabin mintin ma zai fito a ciki.