Ɗiban samfurin sauti da sautin sojan gona

Ɗiban samfurin sauti shi ne yadda na'ura ke mayar da sauti zuwa lambobi. Makirufo yana juya kaɗawar iska zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka, sai na'ura ta riƙa auna ƙarfin wutar a kai a kai, tana rubuta kowane awo. Layin tarho na dijital yana auna sau 8,000 a daƙiƙa, faifan CD kuma sau 44,100. Abin da ya faru tsakanin awo da awo, na'ura ba ta gan shi ba.

Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda Shannon ya bayyana hujjarta a 1949, ta ce dole yawan awo a daƙiƙa ya zarce ninki biyu na kaɗawar sauti mafi tsini da ke cikin abin da ake ɗauka. Kunnen matashi mai lafiya yana jin har kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wato 20,000 Hz, shi ya sa na CD ya ɗara 40,000.

Idan aka karya ƙa'idar, sautin ba ya ɓacewa, sojan gona yake yi. A ɗauki sauti mai 6,000 Hz, a auna shi sau 8,000 a daƙiƙa. A ƙaddara kaɗawa ɗaya kamar hannun agogo ne ya zagaya sau ɗaya. Kafin kowane awo, hannun ya ci kashi uku cikin huɗu na zagaye: daga 12 sai a gan shi a 9, sannan 6, sannan 3, ya dawo 12. Wanda waɗannan hotuna kaɗai ya gani zai rantse hannun baya yake tafiya, rubu'in zagaye a kowane awo. Zagaye ɗaya cikin awo huɗu kuwa shi ne 2,000 Hz, wato 8,000 a ɗebe 6,000. Kunne bai damu da gaba ko baya ba, sautin 2,000 Hz kawai zai ji. Dalilin da ke sa tayar mota a fim take kamar tana juyawa baya ke nan.

Gane shi ba wuya. A saki sauti mai ƙara tsini sannu a hankali. Da ya haye 4,000 Hz, wato rabin yawan awon nan na 8,000, wanda aka ɗauka zai fara saukowa alhali na ainihi hawa yake.

Gyara daga baya ne ba ya yiwuwa, domin lambobin sautin bogin da na sautin 2,000 Hz na gaskiya ba su da maraba. Saboda haka ake sa matatar sauti gaban ma'aunin, ta tare duk abin da ya wuce rabin yawan awo. Tarho yakan yanke daga wajen 3,400 Hz, don ba matatar da ke yanka tsaf kamar wuƙa, sai an bar mata sarari. Wannan yankan ne ke sa "s" da "f" su yi wuyar bambancewa a layin tarho.