Bashin Gwamnati da Jarin 'Yan Kasuwa: Wa Ake Turewa, Kuma Ta Wace Hanya?

Duk lokacin da wata gwamnati ta sanar cewa za ta ƙara cin bashi domin cike giɓin kasafin kuɗi, sai maganganu biyu su cika gari. Wasu su ce shi ke nan, kuɗin bankuna sun ƙare, duk abin da gwamnati ta ranta daga bakin ɗan kasuwa ta fizge shi. Wasu kuma, galibi masu kare gwamnatin, su ce babu abin da ya shafi kowa, ai bashi ne tsakanin baitulmali da masu kuɗi. Duka biyun akwai gyara a cikinsu, kuma ta farkon ce ta fi yaɗuwa, don tsoro ya fi bayani saurin tafiya.

Babu wata doka da ke cewa idan gwamnati ta ranci kuɗi a rage wa kamfanoni nasu kason. Ba a ƙwace ajiyar kowa, ba a kuma rufe wa kowa ƙofar banki. Abin da ke faruwa ta hanyar farashi yake bi, farashin bashi kuwa shi ne kuɗin ruwa. Masu gina gidaje, masu masana'antu, ƙananan 'yan kasuwa da masu ajiya duk abin yana taɓa su, amma ba daidai ba.

Gwamnati tana cin bashi ne ta hanyar sayar da takardun lamuni a gwanjo. A ce takarda ta yi alkawarin biyan 100 bayan shekara guda. Wanda ya saye ta a kan 92.6 ya sami ribar kusan kashi 8 cikin ɗari. To idan baitulmali ya ƙara yawan takardun da ya kawo kasuwa, masu sayen farko sun ƙoshi, dole a sassauta farashi kafin wasu su miƙo hannu. Da zarar takardar ta sauko zuwa 90.9, ribarta ta zama kashi 10. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa a ƙara ruwa, faɗuwar farashin takardar ita ce hawan ruwan. Daga nan sai ya bazu, domin banki ba zai ba kamfani bashi a kan ƙasa da abin da gwamnati ke biya ba. Kamfani yana iya karyewa, gwamnati kuwa tana da haraji a bayanta.

Bari mu ɗauki wata ƙasa ta misali, mu bi lissafin har ƙarshe. Masu ajiya a ƙasar suna tara biliyan 100 a shekara, ruwa yana kashi 8, kuma 'yan kasuwa ne ke rantar kuɗin duka su zuba jari. Sai gwamnati ta shigo tana neman biliyan 20. Yanzu ana neman 120, abin da ke ƙasa 100 ne, sai ruwa ya fara hawa. Yana hawa abu biyu na faruwa tare. Wasu mutane suna ganin ajiya ta yi daraja, sai su fasa sayen abin da suka yi niyya su ajiye kuɗin. Wasu 'yan kasuwa kuma suna janye buƙatarsu ta bashi. A ce an daidaita a kashi 10, ajiya ta tashi zuwa biliyan 108, 'yan kasuwa sun ranci 88, gwamnati ta ɗauki 20 ɗinta. Jarin 'yan kasuwa ya ragu da biliyan 12, ba 20 ba. Sauran 8 ɗin daga aljihun magidanta suka fito, waɗanda suka rage kashe kuɗi. Alƙaluman na misali ne, amma darasin lissafin yana nan: mai cewa an ture duka ya wuce gona da iri, mai cewa ba a ture komai ba shi ma bai duba ba.

Su wane ne suka janye a cikin biliyan 12 ɗin nan? Ga wani mai masana'anta yana son sayen inji na miliyan ɗaya. Ya zauna da akawunsa, sun ƙiyasta injin zai riƙa kawo 90,000 a shekara bayan an cire kuɗin wuta da gyara da lalacewa da albashin mai kula da shi, wato kashi 9. Lokacin da ruwa yake kashi 8, zai biya banki 80,000, ya rage masa 10,000. Ba yawa, amma aikin ya ci kansa. Ya koma banki bayan wata uku, aka ce masa yanzu kashi 10 ne. Ruwan ya zama 100,000, injin yana nan a 90,000, kowace shekara hasarar 10,000. Sai ya naɗe takardar farashin injin ya mayar cikin aljihun tebur. Ba a hana shi bashi ba, shi da kansa ya ce a bar kaza cikin gashinta, kuma mai yiwuwa har abada ba zai danganta abin da gwanjon baitulmali ba. Maƙwabcinsa da aikinsa ke kawo kashi 15 kuwa ya sa hannu ya karɓi kuɗinsa. Ayyukan da ribarsu ke dab da kuɗin ruwa su ake fara rasawa, tare da masu dogon zango irin su gine-gine, waɗanda sai an shekara da shekaru ana biyan ruwa kafin su fara mayar da kuɗi. Wanda ba ya mu'amala da ruwa ma bai tsira gaba ɗaya ba, don idan sukuk ɗin gwamnati yana ba da riba mai tsoka, mai kuɗin da zai shiga haɗin gwiwa da kai zai nemi kaso mafi girma kafin ya yarda.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne cewa wannan lissafin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba kullum yake cika ba. Ya ginu ne a kan cewa tattalin arziki yana aiki da cikakken ƙarfinsa, ajiya ba ta zaune banza, kuma 'yan kasuwa suna layin neman bashi. Idan kasuwa ta mutu, labari ya canja. A 2009 giɓin kasafin gwamnatin tarayyar Amurka ya kai kusan dala tiriliyan 1.4, wajen kashi 10 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Bisa jita-jitar da muka fara da ita, ruwa ya kamata ya yi tashin gwauron zabo. Amma ribar takardun gwamnati na shekara goma ta tsaya ƙasa da yadda take a 2007, ga babban bankin ƙasar ya sauke nasa ruwan zuwa kusan sifili tun Disamban 2008. Jarin kamfanoni ya faɗi a wannan shekarar, gaskiya ne, sai dai rashin masu saye ne ya kayar da shi. Wanda shagonsa ke cike da kaya ba mai taya su ba ya neman bashin ƙara inji ko da kyauta za a ba shi. A irin wannan hali kuɗin da gwamnati ta kashe suna iya dawo da ciniki, har su jawo jari maimakon su kore shi.

Amurka ɗin dai ta nuna ɗaya fuskar a farkon shekarun 1980. Giɓin kasafi ya kai kusan kashi 6 na abin da ƙasar ke samarwa a 1983, a daidai lokacin da babban banki ƙarƙashin Paul Volcker ya matse kuɗi domin karya hauhawar farashi. Ruwa ya yi tsada sosai. Tsadar ta jawo kuɗi daga ƙasashen waje, wanda ya rage wa masu zuba jari na cikin gida zafin abin, amma ya ɗaga darajar dala da kusan rabi a kan manyan kuɗaɗen duniya tsakanin 1980 da 1985. Waɗanda aka ture su ne manoma da masana'antun da ke fitar da kaya, don kayansu sun yi tsada a waje. Sai da manyan ƙasashe biyar suka zauna a otal ɗin Plaza da ke New York a Satumban 1985 suka amince a karya darajar dalar. Wanda ya tsaya kallon bashin banki kaɗai ba zai ga wannan turewar ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba kasafai ake ambatonta ba, alhali a ganina ita ce ta fi cancantar ƙorafi. Yarjejeniyar Basel ta 1988, wadda ƙasashe da yawa suka gina dokokin bankunansu a kanta, ta ce banki ya riƙe jarin kansa na aƙalla kashi 8 cikin ɗari na bashin da ya bayar, gwargwadon haɗarin bashin. Bashin kamfani an lissafa haɗarinsa cikakke, don haka duk 100 da banki ya ba kamfani sai ya tanadi 8 daga jarin masu shi. Takardun gwamnatin ƙasarsa da ake biya da kuɗin gida kuwa ana iya lissafa su a sifili. An sabunta ƙa'idojin daga baya, amma wannan rangwamen ga gwamnatoci yana nan. Sai ka sa kanka a kujerar manajan banki: ga takarda mai kashi 10, ba binciken jingina, ba bin mai bashi, ba jarin da za a ɗaure, ga kuma ƙaramin ɗan kasuwa da sai an aika ma'aikaci ya duba shagonsa. Dalilin ƙa'idar shi ne kare ajiyar jama'a, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma gwamnati ce ke rubuta dokar, ita ce kuma babbar mai cin bashi a kasuwar, kura ce da aka ba ajiyar nama. A ƙasashen da kasuwar kuɗinsu ba ta da zurfi, turewa ta nan ta fi bi, kuma ba lallai ta bayyana a ruwan da aka rubuta a allo ba. Babban kamfani zai samu, ƙarami a ce masa ya dawo wata mai zuwa.

To ta yaya mutum zai gane ko turewar tana faruwa a zahiri? Kada a tsaya ga lambar ruwa kawai, a cire hauhawar farashi tukuna. Ruwan kashi 10 a inda farashi ke hawa da kashi 7 a shekara, na gaskiyarsa wajen 3 ne, ya fi sauƙi a kan ruwan kashi 6 a inda farashi bai motsa ba. Sannan a duba rahoton babban banki a ga kason dukiyar bankuna da ke cikin takardun gwamnati. Idan kason yana hawa, ruwan gaskiya yana hawa, bashin 'yan kasuwa yana tsukewa, alhali masu saye suna nan, to turewa ce. Idan kuwa jari ya faɗi tare da ruwa a lokaci guda, a nemi dalilin a wani wuri.

Masu cewa babban banki ya sayi takardun kawai a huta su ma ba su fita daga matsalar ba. Hakan yana danne ruwa na ɗan lokaci, amma idan ƙasa ta riga ta cika da aiki, sabon kuɗin farashi yake ɗagawa, masu ba da bashi kuma su ƙara ruwa don kare kansu. Shi ya sa yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta haramta wa babban bankin Turai ba gwamnatoci bashi kai tsaye, ta kuma sa iyakar giɓin kasafi a kashi 3 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Ko a misalinmu na farko, hukuncin biliyan 12 ɗin da aka rasa ya rataya ne a kan inda biliyan 20 suka tafi. Idan sun zama wutar lantarki da ta rage wa mai masana'antar nan kuɗin mai har injinsa ya koma kawo 110,000, zai ciro takardarsa daga aljihun tebur ko da ruwa na kashi 10. Idan kuwa an biya ruwan tsohon bashi ne da su, takardar tana nan inda ya ajiye ta.